Rumbu Ya Yi Kaɗan

Allon nan ni na zana shi da hannuna. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ina magana a kan abin da ban sani ba.

Lokacin ba a daɗe da mayar da Dutse hedikwatar jiha ba. Gari ne da ya kwanta yana ƙauye ya farka an ce masa birni ne shi, bai ma wanke ido ba. Ma'aikata sun zubo daga Kano da katifu a kan motoci, suna neman ɗakin haya suna tsaki. Ni kuwa na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ban iya komai ba sai riƙe buroshi. Duk shagon da aka buɗe sai an nemi mai rubuta masa suna, saboda haka na ci abinci.

Wata rana wakilin wani kamfanin takin zamani ya zo da ɗan kati wanda bai fi tafin hannu ba, ya ce a mayar masa da shi allo, kwanon rufi shida a jere. Na ja wa katin layuka gida-gida da fensir, na ja wa kwanon irinsu da alli, ina kwashe abin da ke kowane gida ina kai shi babban gidansa. Kwana tara ina kan tsani. Daga can sama ina hango duwatsun gari sun hau kan juna kamar shanu a inuwa, da kawunan dabino, da shaho yana shawagi ba ya ko kaɗa fiffike. Wani lokaci ƙamshin fenti ya hau mini kai, sai in ji kamar tsanin ne ke tafiya da ni a hankali, garin yana tsaye.

Ga abin da ke jikin allon. Bayansa ruwan ɗorawa ne fes, ba gajimare ko ɗaya. Ta hagu rana tana fitowa da tsinkayenta guda goma sha ɗaya. A tsakiya wani manomi ne da malafa da farar riga wadda ko ƙura ba ta taɓa gani ba, ya ɗaga zangarniyar gero da hannun dama, kaurinta ya kai cinyar mutum, ya ɗaga babban yatsan hagu, haƙoransa duk a waje. A ƙasa kore ne ya ratsa daga gefe zuwa gefe, a cikinsa da fararen haruffa masu kumatu an rubuta: DA TAKINMU, RUMBU YA YI KAƊAN! Sai jan tauraro a kusurwa, da sunan kamfanin a ciki.

Ba a kafa shi a bakin kasuwa ba, ba a kafa shi a tasha ba. A hanyar sakatariya aka kafa shi, inda manomi ba ya bi sai in ya yi ɓatan kai. Ba don manoma aka yi shi ba tun farko, don masu sa hannu a takarda aka yi shi. Aka kuma yi na talabijin, da mutumin da malafarsa yana juyowa a hankali, ana kiɗa masa kalangu, kullum kafin labarai. Shekara da shekaru. Duk wanda ya zauna a Dutse a lokacin, ko ba ya so, abin ya shige masa kai. Masinja ya san shi, darakta ya san shi, mai wankin mota ya san shi. Kowa kuma ya san cewa takin nan ba ya isa gona sai gero ya riga ya fitar da kai, in ma ya isa. Ba mai faɗa. Ana wucewa ta ƙarƙashin haƙoran mutumin nan safe da yamma kawai.

Ƙauyenmu yana bayan Jahun. Babu wuta, balle talabijin. Can yayana yake, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu ina ɗan shekara shida. Shi ya kai ni makaranta a bayan keke, shi ya yi mini shiru da na gudo. Manomi ne na gaske, irin wanda ake zuwa daga wani ƙauye a tambaye shi wane iri za a shuka bana. Da aka ƙaddamar da shari'a aka fara tara zakkar hatsi a hukumance, shi aka ba kwanon awo, don an san ba ya tauye mudu. A duniya shi kaɗai nake jin nauyinsa. Sauran mutane ban ga abin da suka yi mini ba.

Sana'ata kuwa mutuwa ta yi ina kallo. Aka zo da inji mai buga hoto a jikin leda, abin da nake kwana tara a kansa a yi shi kafin a sha shayi. Masu shaguna suka daina gaishe ni. Wani abokina da ya buɗe shagon kwamfuta kusa da tasha, yana buga wa mutane takardu da katin biki, ya ce in zo in zauna, tunda ina da ido. Ya koya mini yadda ake yanke mutum daga hoto a ɗora shi a wani wuri. Na koya ina zagin abin. Maus ɗin kwamfuta ba buroshi ba ne, ba ya jin hannu, ba ya wari. Amma na iya.

Allon nawa an riga an cire shi tuni, da aka faɗaɗa titin. Ban san ranar ba. Na wuce ne kawai na ga sama a wurin.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya ɗauke da wuri. Wayoyi masu kamara sun fara yawa a hannun mutane, ni ma na samu wata ta hannu. Na je gida da kaka na tarar da Yaya a gona da hantsi, yana bin karan gero ɗaya bayan ɗaya. Gonar ta yi fari fat, iska tana bi ta cikinta da wata ƙara kamar ana shara a nesa. Ya karyo wata zangarniya, siririya kamar jelar ɓera, rabinta ba ƙwaya, ya ɗaga mini ita yana dariya.

"Auta, ga rabonka na bana. Ka zo da buhu ko in aika maka a mota?"

Da malafa a kansa. Rana tana bayansa ta hagu. Wallahi a take na ga allon, kamar an sauko da shi an dasa a gonarmu.

Na ce, "Yaya, tsaya haka. Ɗaga ta sama kaɗan. Ɗaga babban yatsanka na hagu."

"Na me?"

"Hoto zan ɗauka."

"Kai dai ba ka girma," in ji shi. Ya ɗaga. Ya ƙara buɗe baki don in ji daɗi. Na danna.

Ban gaya masa komai ba, domin ni kaina ban san zan yi wani abu da shi ba. Sai da na koma Dutse, rannan babu aiki, wuta ta zo, na zauna.

Mutane suna ɗauka irin wannan abu shirme ne da kowa zai iya. Ba haka ba ne. Aikinsa duk a riƙe hannu yake. Dole ka bar komai yadda yake a tallan asali, ka canza abu ɗaya tak. Na zuba ruwan ɗorawa a baya, na yi ta gyara shi har ya zama wancan ɗin sak, don akwai rawaya iri-iri, in ka kuskure ta tallan sabulu ce za ta fito. Na sa rana ta hagu, na ƙirga tsinkayenta. Na shimfiɗa koren a ƙasa. Haruffan ne suka ba ni wuya, babu irinsu a cikin kwamfutar, sai da na zana su a takarda da hannu, kamar da, aka ɗauke su da na'ura aka shigar. Jan tauraro na bar shi a kusurwarsa, sunan kamfanin kawai na goge, ba na son rigima. Maganar kuwa ko wasali ban taɓa ba. Da na rubuta wani abu kamar taki ƙarya ne, da na kashe shi, ya zama ƙorafi irin na mai shayi. Sai na bar su su faɗi maganarsu da bakinsu. Sannan na yanko Yaya daga gonarsa, da rigarsa mai faci a kafaɗa da jelar ɓeransa, na tsayar da shi daidai inda mai farar riga yake tsayawa.

Abokina ya leƙo ta kafaɗata. Bai kai ga karanta rubutun ba ya fashe. Na lura da wannan sosai. Launin ne ya fara kama shi, bakinsa har ya fara kiɗan kalangun nan da kansa, idonsa ya tafi neman ƙatuwar zangarniya a inda ya saba ganinta, sai ya tarar da wannan. Abin kamar ka taka matakala a duhu, ka ɗauka akwai saura ɗaya, ashe babu. Wannan faɗuwar ita ce dariyar. Hoto biyu yake gani a lokaci ɗaya, nawa a gabansa, na kamfani a cikin kansa, kuma na cikin kan ne ke yin rabin aikin. Ya riƙe ciki ya zauna a kan kwalin takarda.

"Kai ɗan banza ne! Shekara nawa muna wucewa ta gaban mutumin nan! Tura mini, tura mini."

Muka rage girmansa don ya shiga waya, muka tura ta bulutut. Lokacin haka ake yi, a kusanto da waya biyu kamar za su gaisa, a jira. Daga wayarsa ya shiga ta wani akawu da ya zo buga takarda. Akawun ya kai shi sakatariya.

Sati biyu ban taɓa jin daɗi irin nasu ba, ba zan ɓoye ba. Ina tafiya a titi in ga manya da manyan riguna sun haɗa kai a kan waya ɗaya, kafaɗunsu suna rawa. Ba wanda ya san ni ne. Ina ji kamar ina kan tsanin nan kuma, garin yana ƙasa yana kallon aikina. Har wasu suka fara yin nasu. Aka yi na malamin firamare da ya ɗaga tukunya wayam. Aka yi na ɗan fansho da ya ɗaga takardarsa, ta yi laushi don ninki. Aka yi na wani da ya ɗaga bokiti a gaban famfo busasshe. Duk da rawayar, da koren, da babban yatsa. Wasu ma ba su iya ba, sun sa koren a sama, amma ana ganewa, ana dariya. Ba wanda ya taɓa tambaya wane ne manomin. Ba shi suke kallo ba. Ta cikinsa suke hango wancan.

Na ga alama tun a lokacin, na ƙi kula ta. Wata ɗaliba ta zo buga takardar makaranta, abokina ya nuna mata. Ta duba, ta ce, "Allah sarki, tsoho. Wa ya yi masa haka?" Ita tana goye aka yi tallan. Muka ce yarinya ce, ba ta san komai ba.

Waya ba ta san iyakar gari ba. Direbobi suka ɗauke shi, masu sayar da katin waya suka ɗauke shi. Kowace waya ya shiga sai ya ɗan lalace, rawayar ta koma kamar ƙasa, tsinkayen rana suka narke. Wani ya yanke gefensa don ya cika fuskar wayarsa, tauraron ya tafi. Da ya isa kasuwar Jahun, abin da ya rage shi ne fuskar Yaya, da abin da ke hannunsa, da rubutun. Wani mai wankin hoto ya fitar da shi a takarda, aka manna a rumfar masu awo.

Matar Yaya ce ta aiko a kira ni. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, ba ta taɓa ganina ba ta tsokane ni ba. Rannan na shiga gidan da azahar, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, mai hoto."

"Ina Yaya?"

"Yana inda ka ajiye shi. Kasuwa uku ke nan bai je ba. In ya wuce sai yara su bi shi, rumbu ya yi kaɗan, rumbu ya yi kaɗan. Manya ba sa faɗa, murmushi suke yi, wanda ya fi ciwo. Wasu sun ce ya taɓu. Wasu sun ce ƙanensa na birni ne ya mayar da shi abin wasa don a ga talaucinsa. Wani malami ya ce a majalisa, mutum ya ɗaga abin da Allah ya ba shi yana yi masa gwalo, wannan ne zai auna wa mutane zakka? Shekaranjiya da kansa ya mayar musu da kwanon."

Na ce ai ba da shi ake ba, da kamfani ake.

"Wane kamfani? Ni dai mijina na gani."

Na same shi a bayan gida, a gindin tsamiya, yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo mai tambayar hanya. Bai ce Auta ba. Na fara bayani. Na ce akwai wani allo a Dutse, da wani mutum mai malafa kamar taka, ya riƙe zangarniya ƙatuwa, to sai ni na sa ka a wurinsa, ka ga ai kowa ya san ƙarya suke. Ina magana ina jin yadda maganar take mutuwa a bakina. Ban taɓa sanin abin dariya yana da nauyi haka ba in ka ɗauko shi da hannu za ka miƙa wa mutum. Na yi masa har kiɗan kalangun da baki. Namiji mai furfura a gemu, a durƙushe, yana kiɗa da baki.

Ya bari na gama. Ya ce, "Ban san shi ba." Ya ci gaba da igiyarsa.

Na kwana biyu a ƙauyen bai ci abinci da ni ba. A hanyar dawowa na ƙudurta cewa sai ya ga allon da idonsa. In ya gani zai gane, in ya gane zai dawo mini. Iyakar hankalina ke nan.

Sai dai neman tsohon talla ya fi neman tsohon kabari wuya. Abin da ya cika gari shekara da shekaru, ba wanda ya ajiye ko ƙyallensa. Katin da aka ba ni ya daɗe da ɓata. A gidan talabijin wani ya ce kaset ɗin an ɗora wani abu a kansa. Kamfanin ya rufe ofishinsa na nan, mai gyaran fanka ne a shagon. Kowa na tambaya sai ya yi murmushi, ya ɗaga babban yatsa, ya ce ai na tuna shi. Yana cikin kan dubban mutane, lafiyarsa ƙalau, fentinsa bai ko dushe ba, amma ba yadda zan yi in ciro shi daga kan wani in sa a na Yaya. Abokina ya ce in sake zana shi mana, ai na iya. Na ce in na zana sabo, cewa za a yi jiya na ƙirƙiro shi don in wanke kaina.

Wani tsohon lebura da ya yi aikin titin ne ya ce kwanukan mai gadinsu ya kwashe, wani Bafulatani, ya koma rugarsu ta wajen Kiyawa. Na ari babur na bi. Na yi tambaya a ruga huɗu. A ta biyar, tun daga nesa, ta tsakanin karan dawa, na hango rawaya.

Ashe tsohon mai gadin ya yi wa awakinsa shinge da kwanukan. Kwano biyar ne, na shida ya ce iska ta tafi da shi wata damina. Ba a jere suke ba. Biyu a kife, kai a ƙasa. Rana tana can kusa da ƙasa, akuya ta goge ta da ƙugu har ƙarfe ya fito. Fuskar mutumin ta rabu biyu, rabi a gabas rabi a kudu. Na tsaya a wurin ban san iya lokacin ba. Ina ganin sawun buroshina, har inda hannuna ya yi rawa a kunnensa ranar da zazzaɓi ya kama ni. Ƙudaje suna ta kewaya, wata tunkiya tana tari, ni kuwa ina jin warin fentin da ya bushe tun ina saurayi.

Da ƙyar Yaya ya yarda ya hau bayan babur ɗin. Matarsa ce ta sa baki, ta ce ka je ka gani, ko don ya ƙyale mu. Tafiyar sa'a guda ce. Bai riƙe ni ba, ƙarfen baya ya riƙe.

Dattijon rugar mutumin kirki ne. Ya kawo mana nono a ƙwarya, ya yarda muka kwance kwanukan, aka kora awakin gefe. Na jera su a ƙasa yadda suke a da, na bar gurbin na shidan. Mutumin ya haɗu. Malafa, farar riga da ta koma ruwan toka, haƙora, yatsa. Zangarniyar tana nan da kaurinta. A ƙasa, ban da ramukan ƙusa, ana iya karanta rabin maganar.

Na ce, "Ka gani, Yaya? Wannan ne na asali. Shi ake yi wa dariya."

Ya zagaya shi a hankali, hannuwansa a baya, kamar mai duba saniyar da zai saya. Ina kallon bakinsa, ina jiran ko gefe ɗaya ya motsa. Dattijon ma ya matso ya leƙa, ya ce shekara nawa yana tare da kwanukan nan bai san mutum ɗaya ne a jikinsu ba.

Yaya ya ce, "Ya yi tsayuwa irin tawa."

Nan na gane na makara. Shi nasa ya fara gani. A idonsa wannan ne kwaikwayo. Kuma ko da ya gane wanne ya riga wanne, bai yi shekaru yana wucewa ta ƙarƙashinsa ba, bai ji kalangun nan sau dubu yana jiran labarai ba, bai taɓa gajiya da shi ba. Mutanen Dutse haushin da suka tara ne ya fashe musu ya zama dariya. Shi ba shi da abin da zai fashe. Tsohon kwano ne a gabansa mai warin fitsarin awaki.

Ya tsuguna ya sa yatsa a kan zangarniyar, ya bi ta daga ƙasa har sama.

"Wannan ba gero ba ne. Ƙwayar gero ba ta jeruwa haka. Wanda ya yi wannan bai taɓa yin sussuka ba. Wa ya zana?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ɗago ya dube ni. Tun da na zo ƙauyen rannan, sai a lokacin ya dube ni sosai.

"Kai ka yi wannan, kai ka yi wancan."

"E, Yaya."

"To." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Mu mayar wa bawan Allah shingensa."

Muka ɗaura kwanukan, shi yana riƙewa ina ɗaurewa. Ya gyara wa dattijon wata dirka da ta karkace, suka yi hirar ruwan bana da tsadar dusa kamar sun san juna. A hanyar komawa, da muka kusa mararrabar ƙauyenmu, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya, zai ƙarasa da ƙafa. Ya sauka. Rana ta yi sanyi, inuwarsa ta miƙe har cikin gonar wani.

Ya ce, "Na ga ba mugunta ba ce. Na yafe maka, duniya da lahira. Amma ka gaya mini, Auta, mutanen kasuwa su ma ɗaya bayan ɗaya za ka ɗauko su a babur ka kawo su garken awaki?"

Bai jira amsa ba, ya juya ya kama hanyar gida.

Kwanon awo bai koma hannunsa ba, bai kuma nema ba. Kasuwar Jahun ya daina zuwa, ya koma cin wata mai nisa inda ba a san fuskarsa ba, kuma har yau can yake zuwa, ko da yake yaran da suka bi shi sun yi aure sun manta. A Dutse kuwa wata biyu aka yi aka gaji da abin, aka koma wani.

Ina zuwa gida da Sallah. Muna cin tuwo a kwano ɗaya, yana tura mini naman gabansa kamar da. Muna maganar ruwa, da wanda ya rasu, da wanda ya haihu. Amma in wayata ta yi ƙara na sa hannu a aljihu, sai ya juya fuskarsa wajen bango, ya zauna haka har in mayar da ita.